Shekara Dubu Ɗari Cikin Daƙiƙa Ɗaya: Yadda Ake Auna Asarar Hannun Jari da Kwamfuta

A ce ma'aikaci ne ya yi ritaya, aka ba shi kuɗin sallama, ya ware naira miliyan 10 ya sayi hannun jarin kamfanoni biyu. Miliyan 6 ya zuba a na farko, miliyan 4 a na biyu. Idan ya tambayi dillalinsa nawa zai samu baɗi, za a ba shi amsa mai daɗin ji. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: idan shekarar ta zo da gardama, nawa ne zai iya salwanta? Ba wanda ya san farashin baɗi, amma akwai hanyar da ake bi a samu amsa mai ma'ana. Ana sa kwamfuta ta ƙirƙiro shekarar baɗi sau dubu ɗari, kowace da irin nata hawa da sauka, sannan a jera sakamakon tun daga mafi kyau har zuwa mafi muni, a duba ɓangaren munanan. Da manhajar Python, layuka goma sha wani abu sun isa, kuma aikin ba ya cin fiye da daƙiƙa ɗaya. Rubutun ba shi da wuya, wahalar tana wajen sanin abin da aka faɗa wa kwamfutar, da gane lokacin da ta ba da amsar banza.

Tushen lissafin ya samo sunansa ne daga Robert Brown, wani masanin tsirrai ɗan Sikotilan. A shekarar 1827 ya leƙa madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ɓurɓushi daga garin fure suna ta ɓari a cikin ruwa, ba gabas ba yamma, ba tsayawa. A 1900 wani ɗalibi a birnin Faris, Louis Bachelier, ya yi amfani da irin wannan tafiya marar alƙibla wajen bayyana farashi a kasuwar hannun jari, shekara 5 kafin Einstein ya yi bayanin abin da Brown ya gani. Sai dai lissafin Bachelier yana da naƙasu. A wurinsa farashi yana hawa ko sauka ne da adadin kuɗi, don haka idan aka bar shi yana iya gangarawa ya wuce sifili, alhali babu hannun jarin da ake sayarwa ƙasa da kyauta. A 1965 masanin tattalin arzikin Amurka Paul Samuelson ya yaɗa gyaran da ake amfani da shi har yau: farashi ya riƙa motsi da kaso cikin ɗari, ba da adadin kuɗi ba. Wannan shi ne abin da zan kira motsin Brown na ninki, domin kowane sauyi ninka farashin baya yake yi.

Duk wanda ya taɓa sayar da hatsi ya san dalilin gyaran. Ƙarin naira 500 a kan mudu babban labari ne, ƙarin naira 500 a kan buhu kuwa ba a ma ambatonsa. Abin da ɗan kasuwa ke ji a jikinsa shi ne kason da aka ƙara ko aka rage. Kuma abin da ake cire masa kaso, ko sau nawa aka cire, ba ya taɓa kaiwa ƙasa da sifili.

Lamba biyu ne ke tuƙa wannan motsi. Ta farko ita ce karkata, wato ribar da ake sa rai a shekara idan aka haɗa mai kyau da marar kyau. A cikin lissafi ana rubuta ta `mu`. Ta biyu ita ce jijjiga, wato yawan nisan da farashi ke yi daga wannan karkata, sama ko ƙasa. Ita kuma ana rubuta ta `sigma`. Bari mu ɗauki kamfanin farko na mutuminmu, mu ce hannun jarinsa ɗaya naira 100 ne yau, karkatarsa kashi 12 cikin ɗari a shekara, jijjigarsa kashi 30. Waɗannan lambobi na misali ne na zaɓa, ba na wani kamfani ba ne. Farashin bayan wani lokaci `T`, wanda ake aunawa da shekara, ana samunsa ta wannan hanya:

```
ST = S0 * exp((mu - sigma**2 / 2) * T + sigma * sqrt(T) * z)
```

Harafin `z` shi ne ƙuri'ar. Lamba ce da kwamfuta ke jefowa ba tare da tsari ba, amma yawancin abin da take jefowa yana kusa da sifili. Kusan biyu cikin uku suna tsakanin -1 da 1, kuma da wuya a ga wadda ta wuce 3. Idan aka zana yawansu sai su yi tudu mai siffar ƙararrawa, tsakiya a tashe, gefe biyu a kwance. Idan `z` ta fito babba, shekarar ta yi albarka. Idan ta fito can ƙasa da sifili, an sha kashi.

Rabin da ake cirewa

Abin da ya fi ɗaure wa sabon shiga kai shi ne wancan yanki na `sigma**2 / 2`. An ce karkata kashi 12 ce, me ya kawo ragi kuma? Amsar tana cikin lissafin da kowa zai iya yi da ka. Hannun jari na naira 100 ya tashi da kashi 30, ya zama 130. Shekara ta zagayo ya faɗi da kashi 30. Mutum zai ɗauka an koma inda aka taso, amma kashi 30 na 130 naira 39 ne, saura 91. Ko da faɗuwar aka fara, 70 za a samu, a ƙara kashi 30 a sake komawa 91. Hawa da sauka iri ɗaya sun cinye naira 9 cikin shekara biyu, wato kimanin kashi 4.5 a kowace shekara. Yanzu a lissafa wancan yanki: 0.30 sau 0.30 ya ba da 0.09, rabinsa 0.045. Kashi 4.5 ke nan daidai. Wannan ragi ba ado ba ne, shi ne harajin da jijjiga ke karɓa daga duk abin da ke girma ta hanyar ninki. Hujjarsa ta ilimi ta fito ne daga aikin wani masanin lissafi ɗan Japan, Kiyosi Ito, a shekarun 1940, amma misalin 130 da 91 ya wadatar wajen fahimta.

Sakamakon wannan yana da muhimmanci ga mai jari. Idan aka tara dukkan shekarun da aka ƙirƙiro aka raba, farashin zai tsaya kusa da naira 112.75. Amma idan aka jera su aka ɗauko ta tsakiyar layi, wadda rabi suka fi ta kyau rabi suka fi ta muni, naira 107.79 za a gani. 'Yan shekaru ƙalilan masu ribar ban mamaki ne ke jan matsakaicin sama. Mutum kuwa shekara ɗaya tal zai rayu a ciki, kuma ta fi yiwuwa ta yi kama da ta tsakiyar.

Ga yadda ake rubuta shi da taimakon `numpy`, wato kayan aikin lissafi da ake ɗora wa Python:

```python
import numpy as np

rng = np.random.default_rng(7)
S0, mu, sigma, T, n = 100, 0.12, 0.30, 1.0, 100_000
z = rng.standard_normal(n)
ST = S0 * np.exp((mu - sigma**2 / 2) * T + sigma * np.sqrt(T) * z)
asara = S0 - ST
print(ST.mean(), np.median(ST), (asara > 0).mean())
print(np.percentile(asara, 95))
```

Lamba 7 da aka sa a layi na biyu iri ce. Duk wanda ya shuka iri ɗaya zai girbi ƙuri'u iri ɗaya, don haka abokin aiki zai iya maimaita gwajin ya ga abin da ka gani. Layin `z` yana jefa ƙuri'a sau dubu ɗari a lokaci guda, layin da ke biye ya mayar da kowace ƙuri'a farashin ƙarshen shekara. Wannan dabara ta amsa tambaya ta hanyar yawan jefa ƙuri'a ana kiranta hanyar Monte Carlo, sunan unguwar caca ta ƙasar Monako. Stanislaw Ulam da John von Neumann ne suka kafa ta a cibiyar binciken Los Alamos ta Amurka a shekarun 1940.

Idan aka kunna shi, lambobi uku za su fito a layin farko: wadda ke kusa da 112.7, wadda ke kusa da 107.8, sai kuma kusan 0.40. Ta ukun ce ya kamata a tsaya a kalla. Ma'anarta, hannun jarin da ake sa ran zai ba da kashi 12 yana ƙare shekara da asara sau 4 cikin 10. Layi na biyu zai nuna kusan 34.2. Wato idan aka jera asarar daga ƙarama zuwa babba, 95 cikin ɗari na shekarun ba su wuce naira 34.2 a kan kowace 100 ba, 5 cikin ɗari kuwa sun wuce. Wannan ma'auni shi ne wanda ake gani a rahotannin bankuna da haruffan VaR, kuma ya bazu ne bayan bankin J.P. Morgan ya fitar da tsarinsa na RiskMetrics a 1994. Mu kira shi bakin asara.

A kan kamfani ɗaya, gaskiya ba a buƙatar kwamfuta. Masu lissafi sun san cewa ƙuri'ar da ke raba kashi 5 na ƙasa da sauran ita ce -1.645. A ninka ta da 0.30, a ƙara 0.075, a samu kusan -0.418, wanda ya yi daidai da farashin naira 65.8. A cire daga 100, ga 34.2. To me ya sa aka wahalar da na'ura? Saboda wannan ne kaɗai wurin da za a iya kama ta idan ta yi kuskure. Ina ganin duk wanda ya tsallake wannan gwaji ya wuce kai tsaye zuwa kamfanoni goma, to bai san ko ginin nasa yana da harsashi ba. Ni kaina na taɓa mantawa da wancan ragi na rabi a wani aiki. Manhajar ba ta yi ƙorafi ba, zanen ya fito tsaf, tudu da wutsiyarsa kamar yadda aka saba gani. Sai da na buga matsakaicin farashi na ga ya haura abin da `mu` ta yarda da shi sannan na gano inda gizo ke saƙar. A misalinmu, wannan mantuwa tana sa matsakaici ya zama kusan 117.9 maimakon 112.75, bakin asara kuma ya ragu zuwa 31.2. Kuskuren yana ɓoye haɗari ne, kuma irin wannan kuskure ba ya tayar wa kowa hankali har sai ya yi ɓarna.

Yawan ƙuri'a ma yana da tasiri, amma maganinsa mai sauƙi ne. Da ƙuri'a 1,000 kacal, wancan 34.2 zai riƙa rawa da fiye da naira ɗaya duk lokacin da aka sauya iri. Da 100,000 rawar takan tsaya a kimanin kwabo 13. Ƙa'idar ita ce, kafin kuskure ya ragu sau 10, sai an ƙara ƙuri'a sau 100. A sauya iri sau uku ko huɗu, idan amsar tana tsalle, a ƙara `n`.

Idan kamfanoni biyu suka haɗu

Yanzu mu koma kan miliyan 10. Kamfani na biyu mu ba shi karkata kashi 10 da jijjiga kashi 20. A nan lissafin hannu ya daina ba da amsa kai tsaye, domin jimillar farashi biyu masu irin wannan motsi ba ta da tsari mai sauƙi da za a rubuta a layi ɗaya. Nan ne kwamfuta ta fara cin gumin ta. Kuma nan ne lamba ta uku ke shigowa, wadda a ganina ta fi sauran cancantar a damu da ita: yadda kamfanonin ke tafiya tare.

Ana auna wannan da lamba tsakanin -1 da 1. Idan 1 ce, to kamar shanun huɗa ne a ƙarƙashin karkiya ɗaya, inda ɗaya ya nufa can ɗayan zai bi. Idan sifili ce, ba ruwan wani da wani. Bankuna biyu a ƙasa ɗaya sukan yi kusa da juna, domin dokar babban banki da darajar kuɗi iri ɗaya ke dukansu. Mu ɗauki 0.5 a misalinmu. Idan aka jefa wa kowane kamfani ƙuri'arsa daban, an ɗauka ke nan cewa ba su san juna ba. Dole a cuɗa ƙuri'un, ta yadda wani ɓangare na ƙuri'ar kamfani na biyu zai fito daga ta farko. A kan 0.5, ana ɗaukar rabin ƙuri'ar farko a haɗa da 0.866 na wata sabuwa. Hanyar da ke fitar da waɗannan lambobin cuɗawa, ko da kamfanoni hamsin ne, tana ɗauke da sunan André-Louis Cholesky, wani hafsan sojan Faransa mai aikin safiyo.

```python
jari = np.array([6e6, 4e6])
mu = np.array([0.12, 0.10])
sigma = np.array([0.30, 0.20])
L = np.linalg.cholesky(np.array([[1, 0.5], [0.5, 1]]))
z = rng.standard_normal((n, 2)) @ L.T
ninki = np.exp((mu - sigma**2 / 2) * T + sigma * np.sqrt(T) * z)
asara = jari.sum() - (jari * ninki).sum(axis=1)
baki = np.percentile(asara, 95)
print(baki, asara[asara >= baki].mean())
```

A lura da `.T` ɗin da ke bayan `L`. Idan aka manta da shi, nan ma manhajar shiru za ta yi, amma jijjigar kamfanin farko za ta kumbura da kusan kashi 12 cikin ɗari na girmanta, ta biyu ta motse, tafiya taren kuma ta koma kusan 0.45. Gwajin bai fi layi biyu ba: `z.std(axis=0)` ya kamata ya ba da lambobi biyu masu kusa da 1, `np.corrcoef(z.T)` kuma ya dawo da 0.5 ɗin da aka saka.

Amsar da za ta fito ita ce, bakin asara ya kai kimanin naira miliyan 2.5. Wato a shekara ɗaya cikin 20, mutuminmu zai rasa rubu'in kuɗinsa ko fiye. Yiwuwar ya ƙare shekara da ƙasa da miliyan 10 ɗin da ya zuba kuwa ta kai kusan kashi 36. Yanzu a yi wasa da lamba ɗaya kawai. A mayar da 0.5 ta zama sifili, bakin ya sauko zuwa kusan miliyan 2.0. A mayar da ita 0.99, ya haura kusan miliyan 2.9. (Ba a saka 1 cif, domin `cholesky` zai ƙi aiki ya nuna kuskure.) Ba a taɓa kamfanonin ba, ba a sauya abin da aka zuba ba, amma tazarar ta kai naira dubu 900. Wannan tazara ita ce amfanin rarraba jari idan aka mayar da shi kuɗi. Abin takaici, wannan amfani yana da ɗabi'ar gudu a lokacin da aka fi buƙatarsa. A ranakun firgici, irin na rikicin kuɗi na 2008, mutane ba sa zaɓen abin da za su sayar, komai suke zubarwa, sai kamfanonin da a da ba su da alaƙa su faɗi tare. Wanda ya auna tafiya tare a lokacin kwanciyar hankali ya samu 0.5, to ya kamata ya buga ta 0.9 ma ya ajiye a gefe.

Lamba ta biyu da layin ƙarshe ya buga tana amsa wata tambaya daban. Bakin asara ya faɗi inda munanan shekaru suka fara, bai faɗi zurfinsu ba. Kamar a ce maka daga nan kogin ya fi ƙarfin tsayinka ne, ba a ce maka gaba nawa ne zurfin ba. Don haka sai a ware munanan shekaru 5,000 ɗin nan su kaɗai a ɗauki matsakaicinsu. A misalinmu ya kai kimanin miliyan 3.1. Wannan ne ya fi dacewa mai jari ya riƙe a ka, kuma kwamitin Basel mai tsara dokokin bankunan duniya ma ya koma kan irin wannan ma'auni a 2016 wajen auna haɗarin kasuwa.

Wani zai tambaya me ya sa aka yi tsalle ɗaya daga yau zuwa ƙarshen shekara, ba a bi kwana-kwana ba. Idan farashin ƙarshe kawai ake nema, tsalle ɗaya daidai yake da taku 252, ba a rasa komai ba. Ana bin kwana-kwana ne idan abin da ya faru a hanya yana da tasiri, misali wanda ya ci bashi ya sayi jarin, wanda za a tilasta masa sayarwa da zarar farashi ya taɓa wani mataki, ko da daga baya ya farfaɗo.

Daga ina lambobin suke zuwa

Duk abin da aka yi a sama ya dogara ne a kan `mu` da `sigma` da muka ɗauka kyauta. A aikin gaske daga tarihin farashi ake ciro su. Ana ɗaukar farashin rufe kasuwa na kowace rana, a fitar da sauyin yau a kan jiya da `np.log`, a auna bazuwarsa, sannan a ninka da tushen 252, wato kimanin adadin ranakun ciniki a shekara. Tushen 252 kusan 15.9 ne, don haka jijjigar kashi 1.9 a rana ita ce kashi 30 a shekara. Wanda ya ninka da 252 kai tsaye, ko ya saka jijjigar rana alhali `T` tana nufin shekara, zai samu amsar da ta kauce sau goma sha shida.

Jijjiga tana aunuwa da kyau ko da bayanan shekara ɗaya ko biyu ne. Karkata kuwa ba ta yarda a kama ta. Kuskuren aunata daidai yake da jijjiga a raba da tushen yawan shekaru. Ga kamfani mai jijjiga kashi 30 da tarihin shekara 5, kuskuren ya kai kusan kashi 13. Wato wanda ya auna ya samu 12, gaskiyar tana iya zama sifili, tana iya zama 25. Yawan ranakun da aka tattara ba ya rage wannan, tsawon shekaru ne kawai ke ragewa. Shi ya sa masu auna asarar kwana ɗaya ko kwana goma sukan mayar da `mu` sifili su huta, domin a ɗan gajeren lokaci jijjiga ce ke da rinjaye. A lissafin shekara guda ba a iya yin watsi da ita haka, amma ana iya gwada sifili a ga yadda bakin zai matsa.

Wanda zai gwada wannan da kamfanonin kasuwar hannun jari ta Legas yana da ƙarin abin lura. A can an ƙayyade cewa farashin hannun jari ba zai motsa fiye da kashi 10 a rana ɗaya ba, don haka mummunan labari yakan rarrabu a kan kwanaki a jere, alhali lissafin Brown ya ɗauka cewa yau ba ta da alaƙa da jiya. Akwai kuma ƙananan kamfanonin da farashinsu kan kwana da kwanaki bai motsa ba saboda ƙarancin ciniki. A takarda sai su fito kamar masu natsuwa, jijjigarsu ƙarama, alhali rashin mai saye ne. Ga irin waɗannan, gara a auna da farashin mako-mako a ninka da tushen 52. Sannan duk asarar da aka lissafa da naira take, ba ta san da tsadar kaya ba. A shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 30, kamar 2024, wanda miliyan 10 ɗinsa ta dawo miliyan 10 cif ya yi asara a kasuwar cefane, ko da kwamfuta ta rubuta masa sifili.

Babban raunin tsarin yana cikin ƙuri'ar kanta. Tudun ƙararrawa yana da siririyar wutsiya. A bisa lissafinsa, faɗuwar da ta ninka jijjigar rana sau 5 sai an yi kusan shekara 14,000 ana ciniki kafin a ga ɗaya. Kasuwannin gaske suna ganin irinta sau da yawa a rayuwar mutum ɗaya. Ranar Litinin 19 ga Oktoba 1987, ma'aunin Dow Jones na Amurka ya faɗi da kashi 22.6 a yini guda, a kasuwar da jijjigarta ta rana ba ta fi kusan kashi 1 ba. Wato ninki sama da 20, abin da a lissafin Brown ba zai taɓa faruwa ba. Tun 1963 Benoit Mandelbrot ya nuna wannan da farashin auduga: manyan sauye-sauye sun fi yawa nesa ba kusa ba a kan abin da ƙararrawa ta yarda, kuma sukan zo a jere, rana mai zafi ta bi rana mai zafi. Tsarinmu kuwa ya ɗauka `sigma` ɗaya ce daga Janairu har Disamba, kuma farashi ba ya tsalle, tafiya yake yi.

Ana iya gano girman matsalar ba tare da wani sabon ilimi ba. A lissafa bakin asara na kwana ɗaya a kan kashi 99, a koma tarihin kwana 500 da suka wuce, a ƙirga sau nawa asarar gaske ta ƙetare shi. Idan tsarin ya dace, kusan sau 5 za a samu. Idan aka samu 15, ko aka ga duk sun taru a wata ɗaya, to kasuwar ba ta bin abin da aka rubuta. Gyara mafi sauƙi shi ne a daina jefa ƙuri'a daga ƙararrawa, a riƙa zaro ranaku na gaske daga tarihi da `rng.choice`, ana ɗaukar sauyin dukkan kamfanonin na rana ɗaya tare domin kada tafiya tarensu ta ɓace. Shi ma iyakarsa abin da ya taɓa faruwa a cikin tarihin da aka ba shi.

Duk da haka ban ga dalilin jefar da motsin Brown ba. A lissafin shekara guda kan kashi 95, inda sauye-sauyen ranaku da yawa suka haɗu suka lafa, yana ba da amsa mai amfani. Yana fara yaudara ne idan aka matsa can ƙarshen wutsiya, kashi 99 zuwa sama, ko aka taƙaita lokaci zuwa kwana ɗaya ko biyu. Ga mutuminmu mai miliyan 10, abin da zan faɗa masa shi ne ya ɗauki miliyan 2.5 da 3.1 a matsayin mafi ƙarancin abin da mummunar shekara za ta iya ci. Ya sake bugawa da `mu` sifili, da jijjiga kashi 45 da 30 maimakon 30 da 20, da tafiya tare 0.9, ya kalli sabuwar lambar da kyau. Idan asarar da ta fito za ta taɓa kuɗin makarantar yara ko na haya, to ya rage abin da ya zuba tun kasuwa tana lafiya.